"Ni" zan ce ko "shi"? Bayanin da Bashar zai sa a fom

Bashar Mai Sola: Assalamu alaikum jama'a, don Allah masu biro na gidan ga ku taimake ni. Wata ƙungiya za ta ba masu sana'a horo da ɗan tallafin kayan aiki, na amso fom, akwai wurin da anka ce "taƙaitaccen bayani game da mai nema", kada shi wuce kalma 80, da Hausa ko da Turanci, ni dai Hausa niz zaɓa. Sun kuma ce waɗanda anka ɗauka za a karanta bayaninsu ranar buɗe taro. Ga abin da nir rubuta, amma ko ni in na karanta shi sai in ji wani banbaraƙwai kuma na kasa gane inda matsalar take:

"Injiniya Bashar Umaru ƙwararre ne mai hazaƙa da riƙon amana wanda ya yi fice a harkar sola a faɗin jihar Sakkwato. Ina da gogewar shekara bakwai. An haɗa sola a gidaje da masallatai da dama kuma mun horar da matasa. Burinsa shi ne ya ga kowane gida ya samu haske."

Jibi Alhamis za a rufe amsa.

Nura Arkilla: Wa alaikumus salam. Ai abin a fili yake oga Bashar, ka fara da "shi" sai kuma ka koma "ina da". Maida shi duka "shi" kawai ka huta. Duk wani rubutu na ofis da sunan mutum ake yin shi, ba a cewa ni ni ni, wannan sai wasiƙar budurwa 😂 Ko a takardar tsarin taro ka taɓa ganin an rubuta "ni ne babban baƙo"?

Murtala: Wane littafi na za ka taƙaita? In na jarabawa na to mu dai yadda anka koya muna ba ka sa kanka ciki, sai dai ka ce marubucin ya ce kaza, tauraron labarin ya yi kaza

Bashar Mai Sola: Murtala ba littafi ba na, ni ɗin nan za a taƙaita 😅 koma sama ka karanta

Malam Sani Mabera: Bashar na karanta. Nura ya ce baki biyu ne ke magana a ciki, ni na ƙirga huɗu. Jimlar farko wani ne yake gabatar da kai. Ta biyu kai ne da bakinka. Ta uku ta fara da "an haɗa", wato ba a san wanda ya haɗa ba, kafin ta ƙare ta koma "mun horar", wato kai da wasu da ba a faɗa ba. Ta huɗu wancan mai gabatarwar ya dawo har yana faɗa mana abin da ke cikin zuciyarka. Kalma hamsin ne kacal amma mai karatu ya juya kai sau huɗu yana neman mai maganar, shi ne banbaraƙwan da kake ji.

Kafin a ce "ni" ko "shi" tambaya ɗaya ce, daga bakin wa wannan rubutu zai fito? Fom ɗin a ƙasa akwai wurin sa hannu?

Bashar Mai Sola: Akwai Malam, har da wurin da anka ce na tabbatar duk abin da nir rubuta gaskiya na

Malam Sani Mabera: To ka gani. Takardar da za ka sa wa hannu kana cewa "na tabbatar", kai ne mai magana a cikinta tun daga sama har ƙasa. Wanda zai karanta ya san ba wani ɗan jarida ne ya biyo ka shago ya rubuta ba. Wanda za a karanta a lasifika ranar taro kuma wani ne zai riƙe makirfo, ba zai ce "ina da gogewar shekara bakwai" ba sai jama'a su ɗauka shi ne mai solar. Saboda haka a ganina rubutu biyu kake buƙata, ba ɗaya ba.

Nura Arkilla: Amma Malam su da kansu "mai nema" suka rubuta a kan wurin, ba su ce "faɗa mana game da kanka" ba. Kuma akwati ɗaya ne a fom ɗin ba biyu ba. In ya sa "ni" ranar taro wa zai zauna ya gyara musu?

Anti Luba: Bari in sa baki tunda irin takardun nan na sha zama a kansu, na yi aikin tantance masu nema a wata ƙungiya shekaru. Nura maganarka ta akwati ɗaya tana da ƙarfi, zan dawo kanta. Amma abin da ya fi damuna a rubutun Bashar ba wakilin sunan ba ne, abin da "shi" ɗin ya ba shi damar faɗa ne. Bashar ƙanena, ɗauki jimlarka ta farko ka juya ta zuwa bakinka ba tare da ka cire komai ba, ka rubuto mana ita nan mu gani.

Bashar Mai Sola: "Ni Injiniya Bashar Umaru ƙwararre ne mai hazaƙa da riƙon amana, na yi fice a harkar sola a faɗin jihar Sakkwato"

Kai 🙈 wallahi Anti ba ni iya faɗin wannan gaban mutane

Anti Luba: Yauwa. To mu da muke karantawa haka muke jin ta ko da "shi" ka rubuta, domin mun san kai ka rubuta. Mutane suna gudu zuwa "shi" ne don su samu inda za su rataya ƙwararre, haziƙi, jajirtacce, wanda ya yi fice, suna ganin tunda ba su ce "ni" ba to ba yabon kai ba ne. Alhali ya fi muni, kamar mutum ne ya ɗauko kalangu ya rataya yana yi wa kansa kiɗa sannan ya juyo yana tambaya wa ake yi wa. In fom ɗari biyu ke gabanka kuma rabinsu duk sun fara da "ƙwararre ne mai hazaƙa" idonka ma daina ganin kalmomin yake, tsallakewa kake kana neman inda lamba take, shekara nawa, gida nawa, a ina.

Gwajin da nake ba kowa kenan, ko da a ƙarshe da "shi" za ka miƙa, fara rubuta shi da "ni" ka karanta da ƙarfi kamar ogan da ya koya maka aiki yana zaune. Duk kalmar da ta maƙale maka a wuya cire ta, ka sa aikin da ya sa kake ganin ka cancance ta a madadinta.

Baba Dikko: Yabon kai jahilci, haka munka taso munka iske. Amma ku yara kada ku ɗauka duk wanda yak kira kainai da suna girman kai ya kai. Ku duba littattafan Shehu Usmanu, da yawa in ya gama yabon Allah da salati sai shi ce bawa mabuƙaci ga rahamar Ubangijinai, Usmanu ɗan Muhammadu ɗan Usmanu wanda anka sani da Ɗan Hodiyo, shina cewa kaza. Ga shi da sunanai ya ambaci kainai awa wani na daban, amma ina girman kai nan? Ƙanƙan da kai na tsantsa.

Malam Sani Mabera: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, wannan misali ya zauna daidai. Kuma ku lura da abin da ya biyo bayan sunan, bawa, mabuƙaci. Ba a ce masani ba, ba a ce wanda ya yi fice ba, alhali in akwai wanda ya cancanci a faɗa masa haka shi ne. Wato "shi" a karan kansa ba ya kawo girman kai kuma ba ya kawo tawali'u, abin da yake yi shi ne ya ja mai rubutu baya kaɗan daga maganar. In ka cika wannan tazarar da siffofin yabo sai ta zama kirari, in ka cika ta da bayanin da za a iya bincikawa sai ta zama kamar rahoto, a natse. "Ni" kuma kusantowa yake yi, mai karatu yana jin kamar kana gabansa, shi ya sa yabo ya fi ɗaci a cikinsa amma kuma alkawari da dalili sun fi shiga.

Injiniya Kabiru: Ni wani abu na hango da ba a taɓo ba. Bashar ba don in ƙure ka ba, wace takarda ke hannunka?

Bashar Mai Sola: Difloma ta lantarki daga foli Yaya Kabiru. Injiniyan ai kwastomomi ka kira na hakanan

Injiniya Kabiru: Na sani, ko mai gyaran janareto a Gawon Nama injiniya muke ce masa kuma ba laifi a baki. Amma a takarda da sa hannu wani abu ne daban, a Nijeriya COREN ce ke rajistar masu wannan laƙabi kuma matakin mai difloma daban yake da na injiniya a wajenta. Ka ga da ka rubuta da "shi" laƙabin ya shige ba ka ji komai ba domin haka ake kiran ka, sai ka ji kamar jama'a ne ke faɗa. Da ka ce "ni injiniya ne" ya zama da'awa, ana iya cewa kawo shaida. Cire shi. "Ina da difloma a fannin lantarki" ta ishe ka kuma ba mai ja da kai.

Zainab UDUS: Salam, tunda ana maganar nan don Allah ni ma a duba min. A tsakuren firojek ɗina, wato taƙaitaccen bayanin binciken da ake sawa a farko, na rubuta "na tattara bayanai daga mata 30 a Wamakko, na gano cewa..." sai malamin da ke duba ni ya zagaye duk "na" ɗin da jan biro bai ce komai ba. To yanzu ku kuna cewa abin da mutum zai sa wa hannu "ni" ne, ni ma ai akwai shafin da zan sa hannu, wanne zan bi?

Malam Sani Mabera: Zainab bi malaminki 😄 Naki daban ne. Shi Bashar kansa yake taƙaitawa, ke aiki kike taƙaitawa, kuma al'adar tsakure a sassanmu ita ce a bar binciken ya yi magana: "wannan bincike ya duba kaza", "an tattara bayanai daga mata 30", "binciken ya gano". Sunanki yana kan bango, kowa ya san wa ya tattara, don haka "an" ba ta ɓoye komai a can. Akwai fannoni da mujallun da suke karɓar "na" da "mun" a tsakure, ba haramun ba ne, amma ba ranar kare firojek za ki buɗe wannan gardamar ba.

Anti Luba: Kuma wannan "an" ɗin da ta yi wa Zainab daidai ita ce ta kashe jimlar Bashar ta uku. "An haɗa sola a gidaje da masallatai da dama." Wa ya haɗa? A intabiyu tambayar farko da zan yi maka kenan. Domin na sha ganin yaron da tsani kawai yake riƙewa ya rubuta "an yi" ko "mun yi", bai yi ƙarya ba amma bai faɗi gaskiya ba, sannan na ga wanda shi ya yi komai da hannunsa amma kunya ta sa shi ma ya rubuta "an yi". A takarda su biyun kamarsu ɗaya, mai kunyar ne ya yi asara.

Baba Dikko: To Luba ai tarbiyya ta. Mu nan ko gida mutum yag gina da guminai sai shi ce "an ɗan taɓa", in yaz zo Hajji shi ce "an samu zuwa". Yaro shi tsaya gaban manya shina na yi na yi, ba a son haka.

Anti Luba: Gaskiya ne Baba, a zaure haka ya dace kuma ni ma haka nake yi. Amma a zaure kowa ya san gidan na wane ne. Wanda zai karanta fom ɗin nan wataƙila a Abuja yake, bai taɓa ganin Bashar ba, abin da ke cikin kalma 80 ɗin nan shi ne duk abin da ya sani. Ladabin a nan shi ne kada ya ƙara gishiri, ba ya ɓoye hannunsa ba.

Nura Arkilla: To "mun" fa? Ai ba shi kaɗai ke hawa rufi ba, yana da yara. In ya ce "na haɗa" bai ci haƙƙinsu ba?

Malam Sani Mabera: Tambaya mai kyau Nura. "Mun" tana da wuri, sharaɗin dai a san su waye mu ɗin kuma mene ne rabonka a ciki. "Ni da yarana biyu mun sa famfo a rijiyoyi uku, ni na yi lissafin fanel da haɗin waya" ka ga ba wanda aka ci haƙƙinsa. Abin da ba ya yi shi ne "mun" ta faɗo daga sama ba a gabatar da kowa ba, sai mai karatu ya rasa ko kamfani ne, ko kai da ogan ka ne, ko irin "mu" ɗin nan ta sarauta. Bashar ba mu lambobi na gaskiya, kada ka ƙara ko ɗaya. Yaushe ka fara, gida nawa, masallaci nawa, yara nawa, kuma me kake so ka samu a horon?

Bashar Mai Sola: Na buɗe shago 2018. Na duba littafin rasit, gidaje 46, masallatai 5, sai burtsatse 3 wajen Kware wanda munka yi da yara amma ni ad da aikin. Yara 4 sunka koya wurina, biyu sun buɗe nasu. Abin da ni ka so gaskiya gyaran inbata, yanzu in ta ƙone sai dai in cire in tura Kano, kwastoma shi yi sati biyu cikin duhu ga zafin Afrilu shina kira na dare da rana

Malam Sani Mabera: Ka ga wannan da ka rubuto yanzu ba shiri ya fi wancan da ka kwana kana gogewa. Ga shi na jera maka da bakinka:

"Sunana Bashar Umaru, sana'ata haɗa wutar sola a Sakkwato da kewaye tun 2018. Ina da difloma a fannin lantarki. Da hannuna na haɗa wa gidaje 46 da masallatai 5 wuta, ni ne kuma na jagoranci sa famfon sola a rijiyoyin burtsatse 3 a yankin Kware. Yara 4 sun koyi aikin a shagona, biyu sun buɗe nasu. Ina neman wannan horo ne don in iya gyaran inbata da kaina, saboda yanzu in ta lalace sai na tura ta Kano."

Kalma 78 ne, ka sake ƙirgawa. Lura ban bar kowace jimla ta fara da "na" ba. Turanci yana da wata dabara a sibi, wato takardar bayanin kai ta neman aiki, a yar da wakilin sunan a fara da aikatau kai tsaye, mu Hausa ba ta ba mu wannan ba, dole aikatau ya zo da na ko ya ko ta ko an a gabansa. To maganin na-na-na ɗin da Nura yake gudu shi ne a sauya abin da ke buɗe jimlar, wata ta fara da sana'ar, wata da yaran, wata da "da hannuna". Mai maganar bai canza ba amma kunne bai gaji ba.

Emsi Ɗan Gidan Igwai: To ni da ni ka riƙa makirfo bari in hwaɗa muku abin da ka faruwa ranar taro. Ana miƙo min takardu ina tsaye, wani lokaci ban taɓa ganinsu ba sai lokacin. In an rubuta da "ni" sai in dinga juyawa a kaina ina karatu, na zama ya, sunana zama sunansa, kuma nan a ka yin ɓarin baki, ka fara da "ya haɗa" ka ƙare da "shagona" jama'a su kwashe da dariya. In suna irin wanda maza da mata duk suna amsawa na kuma ba hoto, sai ka ce "ya" mace ta miƙe. Don haka ni dai a ba ni da "shi", a sa min Malam ko Malama ko Hajiya a gaba in san inda ni dosa.

Nura Arkilla: Kun ji ko! Abin da nake faɗa tun ɗazu 😎

Malam Sani Mabera: A wannan wurin kana da gaskiya Nura, ba a fom ba. Ga na emsi:

"Malam Bashar Umaru mai sana'ar haɗa wutar sola ne a Sakkwato tun 2018, yana da difloma a fannin lantarki. Ya haɗa wa gidaje 46 da masallatai 5 wuta, shi ne kuma ya jagoranci sa famfon sola a rijiyoyin burtsatse 3 a yankin Kware. Matasa 4 sun koyi aikin a hannunsa, biyu daga cikinsu sun buɗe shagunansu. Ya zo wannan horo ne don ya ƙara da gyaran inbata."

Ku ajiye su gefe da gefe za ku ga ba na da ya kawai na musanya ba. "Malam" ya shigo, domin a bakin wani kiran sunansa gatsau raini ne, a bakinsa kuma ya ce "sunana Malam Bashar" wani iri ne. "Da hannuna" ta fita, a bakinsa ɗaukar alhaki ce, a bakin emsi "da hannunsa" sai ka ji kamar ana mamakin ya iya. "Yara" sun zama "matasa" domin shi yana da ikon ya kira su yaransa, baƙo ba shi da shi. Babban canjin kuma jimlar ƙarshe ce.

Murtala: Ni ma ita nil lura da ita, mi yas sa anka cire zancen Kano? Ai shi ne ya fi daɗi

Anti Luba: Shi ya fi daɗi a fom Murtala, ni a wurina wannan jimlar ce ma za ta sa in ware takardarsa gefe, domin mutum ya faɗi abin da bai iya ba da bakinsa kuma ya faɗi dalilin da yake son ya iya, ka san ba alawus ɗin zama ya kawo shi ba. Amma ka yi tunanin emsi ya ɗaga murya a cikin zauren taro ya ce "yanzu haka in inbata ta lalace bai iya gyarawa sai ya tura Kano", ga 'yan sana'arsu zaune wataƙila har da kwastomominsa. Magana ɗaya ce, a bakinsa gaskiya ce, a bakin wani tonon asiri.

Haka "burinsa shi ne ya ga kowane gida ya samu haske" da ya sa da farko. Buri abu ne na zuciya, mai shi ne kaɗai zai faɗe shi a yarda. In wani ya faɗa sai ya zama irin maganar fastar siyasa.

Emsi Ɗan Gidan Igwai: Ƙarin abu guda tunda an zo nan, masu rubuto da "shi" don Allah ku bar "ya kasance". Ya kasance mutum mai haƙuri, ya kasance mai son jama'a, wallahi in ina karantawa ji ni kai saura in ce Allah shi jiƙan shi 😂 mutum na zaune gabana da rai nai. Ku ce "yana", ku ce "ne"

Baba Dikko: Ɗan Gidan Igwai Allah shi shirye ka 😄

Hauwa'u Waya: Ni kuma tawa matsalar daban ce. Gyaran waya nake yi, kuma na lura in na rubuta bayanina da "ta" tun kalmar farko an san mace ce, wasu daga nan sun gama yanke hukunci kafin su kai ga aikin. In na rubuta "na gyara, ina da" ba abin da ya nuna sai in na ce "ni ce". Shi ya sa ni ko a shafina na sana'a "ni" nake amfani da ita. Ban sani ba ko wayo ne ko tsoro

Anti Luba: Hauwa'u sunanki na saman takardar ai, ba abin da ya ɓuya. Kuma irin ƙungiyoyin nan da yawa neman mata masu sana'ar hannu suke ido rufe, "ta" ɗin ma riba ce gare ki.

Hauwa'u Waya: A fom ɗin ƙungiya haka ne Anti, amma kwastoma da ke neman mai gyara ba ƙungiya ba ne, shafin kuma sunan shago ne a kai ba nawa ba. Na fi son ya fara karanta aikin tukuna

Malam Sani Mabera: Wannan kam ba nahawu ne zai raba ku ba, kowace ta san mutanen da take hulɗa da su.

Injiniya Kabiru: Shafin shago ma wata rigimar ce. Mutum ɗaya da yaro ɗaya sai ka ga "kamfaninmu ya himmatu wajen", ka je ka tarar da kwantena. Ni na fi yarda da wanda ya ce "ni ne mai shagon, in aikin ya samu matsala ni za ka kira". Amma na san masu ba da kwangila da in ba su ga "kamfanin" ba ba sa ɗaukarka da muhimmanci, to ban san me zan ce wa yaro mai tasowa ya rubuta ba.

Nura Arkilla: Duk na ji, amma har yanzu ba a amsa min ba. Akwati ɗaya ne. Sun ce abin da ke cikin akwatin shi za a karanta. In ya sa na "ni" ga abin da emsi ya ce zai faru, har da zancen Kano a lasifika. In ya sa na "shi" Anti ta ce jimlar da za ta sa a ɗauke shi ta fita. To wanne?

Anti Luba: Na ce zan dawo kanta. Ni dai na "ni" zan sa, domin sai an ɗauke ka sannan a karanta ka, kuma tsakanin ɗauka da taro akwai lokacin da zai tura musu ɗayan. Ƙungiyar da ta san aikinta ma ita za ta nema.

Emsi Ɗan Gidan Igwai: Anti wace ƙungiya 😂 fotokwafin fom ɗin za su miƙo min yadda yake, na sha gani

Malam Sani Mabera: To Bashar tun da akwai lambar waya a fom ɗin ka kira gobe ka tambaya ko za a karɓi ƙarin takarda. In sun yarda, na "ni" a akwati, na "shi" a wata takarda ka rubuta a samanta "wanda za a karanta a taro" ka maƙala. In sun ce a'a ni ina bayan Anti Luba, amma ka sassauta jimlar ƙarshe ta zama wadda ko an juya ta ba za ta kunyata ka ba, kamar "don in riƙa gyaran inbata a nan Sakkwato maimakon turawa Kano".

Nura Arkilla: Ni dai in ni ne na "shi" zan sa a akwatin, kanun wurin "mai nema" ya ce

Bashar Mai Sola: Na gode ƙwarai jama'a Allah shi saka. Zan kira su da safe. Malam tambaya guda, masallatan nan biyar ɗaya gyara na kawai niy yi ba ni nih haɗa shi tun farko ba, in bar shi 5 ko in mai da shi 4?

Malam Sani Mabera: 4.